Kuɗin da ke fita daga asusunka kowane wata: kai ke turawa, ko zuwa ake a ɗiba?

Duk wanda ya taɓa tsayawa layi a banki ƙarshen wata, a Yamai ko a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya san wannan kallo. Ma'aikaci ya karɓi ƴar takardar da ke nuna abin da ya rage masa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya juya ga mai biya yana tambayar inda sauran kuɗinsa suka shiga. Sau da yawa ba ɓarawo ne ya taɓa su ba, kuma ba kuskuren lissafi ba ne. Wata takarda ce da shi da kansa ya sa wa hannu, bara ko bara waccan, ya mance da ita, ita kuwa ba ta mance da shi ba.

Irin waɗannan takardu kashi biyu ne, kuma ko da yake sakamakonsu ɗaya ne a idon mai asusu, wato kuɗi su fita ba tare da ya taka zuwa banki ba, aikinsu ya sha bamban. Wanda bai rarrabe su ba yakan kai kukansa ƙofar da ba ta dace ba: ya yi ta faɗa da banki alhali maganin yana hannun kamfani, ko ya yi ta zarya wajen kamfani alhali wasiƙa ɗaya zuwa banki ta isa.

Rumbu ɗaya, hanya biyu

Mu ɗauki asusun mutum a matsayin rumbun hatsi, banki kuma a matsayin mai tsaron rumbun.

A hanya ta farko, mai rumbu ne ke cewa mai tsaro: ranar 5 ga kowane wata ka auna tiya goma ka kai gidan wane. Mai tsaro zai yi ta yin haka ba ƙari ba ragi, har ranar da mai rumbu ya ce ya isa. Wanda ake kai wa hatsin ba ya da ta cewa. Jira kawai yake. Wannan shi ne umurnin turawa na dindindin, wanda a takardun banki da allon na'ura ake rubuta shi VIREMENT PERMANENT. Mai asusu ne ke zaɓar adadin kuɗin, shi ke zaɓar ranar, shi ke faɗin sunan mai karɓa da lambar asusunsa, kuma shi ke iya sa ranar ƙarewa. Ya dace da abin da adadinsa ba ya canzawa: kuɗin hayar gida, abin da ake aika wa iyaye a ƙauye, ko abin da mutum ke warewa zuwa asusunsa na ajiya.

A hanya ta biyu, mai rumbu cewa yake: idan wane ya zo da ƙwaryarsa, ka auna masa abin da ya ce yana bi na. A nan ba mai rumbu ke aikawa ba, mai bin bashi ne ke zuwa ɗiba, kuma shi ke faɗin adadin a kowane zuwa. Wannan shi ne izinin cira, wanda ake rubuta shi PRELEVEMENT. An yi shi ne domin biyan da kan hau ya sauka, ko wanda kamfani ke karɓa daga mutane masu yawa a lokaci guda, kamar kuɗin inshora, wadda a nan muka fi sani da asirans, ko kuɗin kayan da aka saya bashi.

Galibi takardar izinin cira kashi biyu ce. Kashi ɗaya yana zama wajen kamfanin, yana ba shi damar ya nemi kuɗin. Ɗayan yana zuwa bankinka, yana ba shi damar ya biya. Idan lokacin biya ya gabato, kamfanin yana shirya jerin sunayen waɗanda zai cira wa, ya miƙa wa nasa banki. Idan bankinku ba ɗaya ba ne, buƙatar tana bi ta tsarin sasanta biya tsakanin bankuna da ake kira SICA-UEMOA, wanda babban bankin ƙasashen yammacin Afirka, BCEAO, ke tafiyarwa. Da ta iso, bankinka zai duba ko akwai kuɗi, kuma ko ba ka sa shinge ba, sannan ya biya ko ya mayar da ita tare da dalilin ƙin biya.

Daga nan ne dukan sauran bambancin ke fitowa. Idan mai gida ya ƙara haya daga jika 30 zuwa jika 35, umurnin turawa zai ci gaba da kai jika 30, bashin jika 5 yana taruwa a kanka kowane wata har sai ka je ka gyara. Idan kuwa kamfani mai izinin cira ya ƙara farashi, sabon adadin zai fita daga asusunka ko ba ka ɗaga yatsa ba. Na farko haɗarinsa shi ne ba ya sanin abin da ya canza a duniya. Na biyu haɗarinsa shi ne alƙalamin yana hannun wani.

Yadda ake gane su

Matakin farko shi ne a samu takardar shige da ficen asusu. Ba alfarma ba ce. A shekarar 2014 BCEAO ta fitar da umurni mai jera hidimomi 19 da bankunan ƙasashen ƙungiyar za su riƙa yi kyauta, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2014. Cikinsu akwai ba mai asusu wannan takarda sau ɗaya a wata, da takardar jimillar kuɗin hidimar da aka cire masa a shekara, da buɗe fayil na umurnin turawa ko na izinin cira. A lura dai: buɗe fayil ɗin ne kyauta. Aiwatar da turawa zuwa wani banki daban, mayar da cira saboda rashin kuɗi, ko sa shinge, duk banki na iya sa musu farashi, kuma farashin yana cikin jadawalin da ya wajaba ya kafa a bainar jama'a cikin rassansa.

Ka ɗauki takardun wata uku ka jera su. Layin da ke ɗauke da VIREMENT PERMANENT, ko a taƙaice VIR PERM, da adadi ɗaya da rana ɗaya, umurninka ne. Layin da ke ɗauke da PRELEVEMENT ko PRLV, da sunan kamfani da wata lamba a gefensa, izinin cira ne. Wannan lamba ka rubuta ta, domin da ita za a gane abin da kake so a tsayar. Idan layin ya nuna biya da kati, to wani abu ne daban: lambar katinka ce ka ba wani shagon intanet, kuma a wajensa ne za ka soke rajistar, in ya ƙi ka nemi banki ya rufe katin ya ba ka sabo.

Misalin ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki

Domin magana ta zauna, mu ƙaddara wani ma'aikacin gidan gona a Maraɗi, mai albashin jika 210. Abubuwa uku ke fita daga asusunsa. Ranar 5 ga wata jika 30 na tafiya wajen mai gidan da yake haya, ta umurnin turawa. Ranar 10 wani kamfanin inshora na cirar jika 15, ajiyar karatun yara. Sannan akwai jika 25 na babur da ya saya bashi a kan jika 450, biyan wata 18, wanda ya fara a watan Oktoba, biya na ƙarshe kuma ya faɗo a Maris na shekara ta biyu da ta biyo baya.

A ƙarshen wannan Maris ɗin aka maida shi Tawa. Ya yi sallama da mai gida, ya miƙa mabuɗi, ya loda kaya. A lissafinsa, daga Afrilu inshora kaɗai za ta riƙa fita, ya rage masa jika 195. Hidimar tashi da ta sabon mazauni ta ɗauke masa hankali, yana cira da kati kaɗan kaɗan ba ya duba saura. Sai ranar 28 ga Mayu ya nemi takarda, ya tarar cewa a Afrilu da Mayu jika 70 ne suka fita kowane wata kamar da. Haya ta tafi sau biyu, jika 60. Kuɗin babur sun tafi sau biyu, jika 50. Jika 110 ke nan, fiye da rabin albashin wata. Ga shi kuma inshorar ma yana so ya daina, domin hayar Tawa ta fi tsada.

Matsala uku ce a gabansa, kuma kowace da ƙofarta.

Ta farko: umurnin da kai ka bayar

Wannan ita ce mafi sauƙin tsayarwa, kuma mafi wuyar maido da abin da ya riga ya fita. Sallamar da ya yi da mai gida ba ta isa kunnen banki ba. Banki ya yi abin da aka umurce shi ne daidai, saboda haka ba shi da laifi, kuma ba zai shiga asusun mai gida ya ɗebo kuɗin ba sai da yardar mai gidan. Jika 60 ɗin nan sai dai ma'aikacin ya nema wajen tsohon mai gidansa, da takardar banki a hannu da shaidar ranar da ya miƙa mabuɗi. In an yi sa'ar mutumin kirki, magana ta ƙare. In ba haka ba, sai sasanci ta hannun manya, ko shari'a.

Tsayarwa kuwa wasiƙa ɗaya ce zuwa ga shugaban reshen da asusun yake. A cikinta a rubuta cikakken suna da lambar asusu, sunan mai karɓa da lambar asusunsa, adadin da ranar da yake fita, sannan a faɗi a fili cewa an soke umurnin gaba ɗaya daga rana kaza. A sa kwanan wata, a sa hannu irin wanda bankin ya sani, a haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa. A yi wasiƙar kwafi biyu, a sa ma'aikacin banki ya buga hatimi da kwanan watan karɓa a kan ɗaya, a tafi da ita gida. Faɗa wa wani sananne a banki da baki ba sokewa ba ce. Ranar da kuɗin suka sake fita, ba wanda zai tuna an yi maganar. Inda banki ke da manhajar waya mai ba da damar sokewa, a soke a can, a adana hoton allon da ya nuna an yi.

Sai batun lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Umurnin da zai fita ranar 5 ba a soke shi da yammacin ranar 4, domin mai yiwuwa ya riga ya shiga layin aikin na'ura. Wa'adin da bankinka ke buƙata yana cikin yarjejeniyar buɗe asusu ko a bayan takardar umurnin. Ma'aikacinmu yana da kwana takwas kacal tsakanin 28 ga Mayu da 5 ga Yuni, da ranakun hutu a ciki, kuma asusunsa na reshen Maraɗi alhali shi yana Tawa. Idan ya ajiye wasiƙar a reshen Tawa, ya tambaya ko su ke shigar da ita ko aikawa za su yi, kuma ya buga waya ya tabbatar kafin ranar 5.

Ta biyu: izinin da ka ba wani

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin abubuwa uku ne suke ɗauka abu guda.

Na ɗaya, shinge, wanda banki ke kira OPPOSITION. Umurni ne cewa kada a biya cira kaza. Yana iya shafar wata ɗaya, ko wani ɗan lokaci. Yana da amfani idan adadin da za a cira bai yi daidai ba kana son a dakata a warware. Amma izinin yana nan da ransa. Shingen na ƙarewa, cirar ta dawo.

Na biyu, janye izini, REVOCATION a takardun banki. Shi ne ke kashe damar cirar baki ɗaya. Tun da izinin yana wuri biyu, janyewar ma wuri biyu take zuwa: wasiƙa ga kamfani, wasiƙa ga banki. Wanda ya rubuta wa kamfani kaɗai ya dogara ne ga cewa za su cire sunansa daga jerin kafin su aika, kuma jerin akan shirya shi kwanaki kafin ranar cira. Wanda ya rubuta wa banki kaɗai ya toshe hanya ne, amma kamfanin zai ci gaba da aiko buƙata, yana rubuta shi cikin waɗanda suka kasa biya.

Na uku, kashe yarjejeniyar kanta. Wannan ba aikin banki ba ne ko kaɗan. Izinin cira hanyar biya ce kawai, kamar yadda jaki hanyar kai kaya ne. Ɗaure jakin ba ya soke cinikin. Idan yarjejeniyar ta ce sai an ba da sanarwar wata ɗaya ko biyu, kuɗin waɗannan watanni suna kanka, ka biya ta banki ko ka kai da hannu.

Saboda haka tsarin da ya dace ga ma'aikacinmu shi ne ya fara da takardar yarjejeniyar inshorar. Ga irin wannan inshora ta rai da ajiya, dokar CIMA da Nijar ke aiki da ita ba ta ba kamfani ikon tilasta wa mutum ci gaba da biya ba. Amma daina biya yana da farashinsa: gwargwadon abin da aka riga aka zuba, ko a rage abin da yarjejeniyar za ta bayar a ƙarshe, ko a kashe ta, kuma wanda ya fita tun da wuri yana iya rasa kaso mai yawa na abin da ya tara. Yarjejeniyar na ɗauke da bayanin abin da za a maido maka idan ka fita. Ya karanta shi kafin ya yanke shawara, domin wani lokaci rage adadin wata daga jika 15 zuwa abin da zai iya ya fi masa riba a kan fita.

Idan ya tsaya a kan fita, sai ya rubuta wa kamfanin wasiƙa mai ɗauke da lambar yarjejeniya, yana faɗin abu biyu a rarrabe: ya kawo ƙarshen yarjejeniyar, kuma ya janye izinin cira daga rana kaza. Ya aika ta gidan waya da rajista mai shaidar karɓa, ko ya kai da hannu a buga masa hatimi. Sannan ya kai wa banki tasa wasiƙar, da sunan kamfanin da lambar nan da ya kwafa daga takardar asusu, da kwafin wasiƙar kamfani a haɗe. Ya tambayi ma'aikacin banki a fili: abin da kuka shigar shingen wata ɗaya ne ko janyewa ta har abada, kuma nawa za ku cire mini? Bayan haka ya duba takardar asusu wata biyu a jere. Idan cirar ta sake bayyana, ya duba lambar: kamfani mai yarjejeniya biyu da mutum ɗaya yana iya samun lamba biyu, an toshe ɗaya an bar ɗaya.

Ta uku: wanda ba ya sokuwa da hannu ɗaya

Batun babur ya fi sauran ɗaure kai. A takardar asusu an rubuta shi a matsayin umurnin turawa, amma da ma'aikacin ya nemi a soke, banki ya ce ba zai iya ba. Dalili yana cikin kalma ɗaya a takardar da ya sa wa hannu ranar ciniki: IRREVOCABLE, wato wanda ba a janyewa. Masu sayar da kaya bashi da asusun ba da rance sun san cewa umurnin turawa na yau da kullum mai shi na iya soke shi ko yaushe, don haka sukan nemi a rubuta cewa ba za a tsayar ba sai da yardarsu. Bankin da ya amince da wannan sharaɗi ya ɗauki alkawari ga mai bin bashin, ba zai karya shi da maganar mai asusu kaɗai ba.

Kuskuren ma'aikacinmu shi ne takardar ba ta ɗauke da ranar ƙarewa ko yawan biya. Na'ura ba ta san babur ya gama biyuwa ba. Mafita ita ce ya koma wajen mai sayarwa da lissafi: biya 18 na jika 25 sun cika jika 450 a Maris, na 19 da na 20 rara ne. Ya nemi takardar shaidar cewa bashi ya ƙare kuma an saki umurnin, wadda ake kira MAINLEVEE, ya kai wa banki tare da wasiƙar sokewa, sannan ya nemi mai sayarwa ya maido masa jika 50. Darasin a nan na ranar sa hannu ne: kada a bar gurbin ranar ƙarewa fanko, kuma a rubuta yawan biyan da lamba da kuma haruffa.

Haka nan rancen da bankin kansa ya ba ka. Abin da yake cira kowane wata yana cikin yarjejeniyar rance, galibi tare da alkawarin cewa albashinka ba zai bar wannan banki ba sai ka gama biya. Ba a soke shi da wasiƙa. Sai dai a biya, ko a zauna a sake tsara wa'adin. Abin da kuma aka yanke tun daga ofishin albashi, kafin kuɗin su iso banki, ba za a gan shi a takardar asusu ba sam. A takardar albashi yake, kuma can ne ake bin sawunsa.

Dabarar kwashe kuɗi kafin ranar cira

Akwai masu cewa ba sai an wahala da wasiƙa ba: albashi na shigowa ka kwashe duka, mai cira ya zo ya tarar da rumbu fanko. Wannan dabara tana cin mai ita. Idan banki ya mayar da cirar saboda rashin kuɗi, yana iya cire maka kuɗin wahalarsa a kan kowace mayarwa. Idan kuma ya biya duk da haka, asusunka ya shiga ja, kuɗin ruwa na hawa a kai. Kamfanin na iya sake aiko buƙatar bayan ƴan kwanaki, ko ya haɗa ta da ta wata mai zuwa, sai ka wayi gari an ɗebi jika 30 maimakon 15. In kuwa rance ne, rashin biya na shiga ofishin tattara bayanan bashi na ƙasashen UEMOA, wanda ya fara aiki a 2016, kuma bankuna na duba shi kafin su ba da sabon rance. Ɗan kasuwar da zai nemi jarin sayen niyabe ko albasa bayan damina bai kamata ya ɓata sunansa a kan jika 15 ba.

Idan an cira bayan ka soke

A nan ne kwafin mai hatimi ke biyan kuɗinsa. Idan banki ya biya bayan ranar da ya karɓi sokewarka cikin wa'adi, ko ya biya cirar da ba ka taɓa ba da izininta ba, ka rubuta ƙorafi nan take, ka haɗa kwafin wasiƙar da takardar asusu, ka nemi a maido da kuɗin tare da duk abin da aka cire maka a dalilinsu. Ga cirar da ba ka sani ba, ka nemi a nuna maka takardar izini mai sa hannunka. Kada ka jinkirta, domin yarjejeniyar asusu takan ƙayyade kwanakin da za a iya musanta abin da ke cikin takardar wata. Hukumar kula da bankuna ta ƙasashen ƙungiyar, mai mazauni a Abijan, ta fitar da ƙa'ida a 2020 da ta wajabta wa bankuna su karɓi ƙorafin abokan hulɗarsu su ba da amsa cikin wata ɗaya. Wanda bai samu amsa ba, ko amsar ba ta gamsar da shi ba, yana iya ɗaukaka kukansa zuwa ga hukumar.

Masu ɗiya da ke karatu a Faransa, ko ƴan kasuwa masu asusu a can, su sani cewa dokar can daban ce. A tsarin SEPA, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin Faransa a 2014, izinin yana wajen kamfani kaɗai, kuma ana gane shi da lamba biyu: ICS ta kamfanin, da RUM ta izinin. Mai asusu na da mako 8 ya nemi banki ya maido masa cirar da ya ba da izininta ba tare da ya faɗi dalili ba, da wata 13 idan cirar ba ta da izini. Izinin da aka yi wata 36 ba a yi amfani da shi ba ya mutu da kansa. Ɗalibin da zai dawo gida ya kashe yarjejeniyar waya, wuta da inshorar ɗaki kafin ya rufe asusu. Amma kada wani ya ɗauko mako 8 ɗin nan ya kafa hujja da su a reshen Maraɗi. Dokar Turai ce, a can take aiki.

Ga mai karɓa

Ɗan kasuwa ko mai gidan haya da ake biya ta umurnin turawa ya san cewa ba jingina ke hannunsa ba. Mai biya na iya soke shi ba tare da sanar da shi ba, kuma ranar da asusun mai biya ya bushe ba abin da zai shigo. Ya duba asusunsa kwana biyu ko uku bayan ranar da aka ajiye. Ya kuma amince a sa ranar bayan shigowar albashi da ƴan kwanaki, domin umurnin da ya riga albashi isowa banza yake komawa. Idan kuɗin wanda ya riga ya tashi daga gida suka ci gaba da shigowa, ba nasa ba ne, kuma takardar banki za ta nuna su ko bayan shekara.

Ma'aikacinmu dai, in ya kai wasiƙarsa cikin lokaci, ya tsirar da jika 30 na ranar 5 ga Yuni. Jika 50 na babur suna da hanyar dawowa tun da lissafin a rubuce yake. Jika 60 na haya kuwa sun dogara ga halin mai gida. Da ya nemi takardar asusunsa ta watan Afrilu, wadda kyauta ce, da rabin wannan asara bai same shi ba.